SAURAN MITA NAWA? YADDA SIKELI KE FAƊIN TSAWON WAYAR DA TA RAGE A KWARKWARO

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin shekarar 1992, noman rani ya ƙara ƙarfi a wannan yanki na yammacin Jihar Kano. Ga kuma madatsar Kusalla a gefen garin Ƙaraye, ga fadamun Rogo da suka yi suna wajen noman rake. A shekarun baya-bayan nan an sami ƙarin rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a makarantu da masallatai da gonaki. Kowace irin wannan rijiya tana buƙatar wayar lantarki mai tsawo, wadda za ta tashi daga akwatin wuta ta gangara har wurin injin da ke tura ruwa a can ƙasa, wato abin da masu aikin ke kira sumo.

Irin wannan waya takan zo ne a nannaɗe jikin wani babban kwarkwaro na katako ko na roba, wanda masu aikin lantarki ke kira durom. Idan an gama aiki sai a ajiye ragowar a sito. Ranar da wata buƙata ta taso, tambayar farko ita ce: sauran mita nawa? Idan aka yi zaton wayar ta isa alhali ba ta isa ba, aiki zai tsaya ana tsakiyar zura inji a rijiya, sai an tura mutum Kano, a ɓata yini guda da kuɗin mota. Idan kuma aka yi zaton ba ta isa ba alhali ta isa, an sayi abin da ba a buƙata. Warware wayar a auna da tef yana yiwuwa, amma yana son fili da mutane, ga shi kuma jan waya a kan tsakuwa yana kuje robar da ke jikinta, abin da ba a so ga wayar da za ta zauna cikin ruwa.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wato a ɗora kwarkwaron a sikeli. Lissafin bai wuce ɗebewa da rabawa ba, ɗalibin aji ɗaya ma zai iya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen samo lambobin da za a yi lissafin da su, kuma a kan wannan ne maƙalar za ta fi tsayawa.

Tushen dabarar

Wayar da aka yi a masana'anta kaurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Saboda haka kowace mita ta wannan waya nauyinta daidai yake da na 'yar'uwarta. Idan mita ɗaya ta yi giram 200, mita goma za su yi giram 2,000, mita ɗari kuma giram 20,000, wato kilo 20. Da zarar mun san nauyin wayar duka, muka kuma san nauyin mita ɗaya, sai mu tambayi kanmu: sau nawa ƙaramin zai shiga cikin babban? Amsar ita ce tsawon wayar.

Sai dai sikeli ba ya bambance waya da katakon da aka naɗa ta a kai. Dole a fara cire nauyin kwarkwaron tukuna. Ga yadda ƙa'idar take:

Tsawon waya = (nauyin duka − nauyin kwarkwaro babu waya) ÷ nauyin mita ɗaya

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin halittu. Wanda yake son sanin tsawon saiwoyin masara ba zai iya bin dubban siraran jijiyoyi da rula ba. Abin da yakan yi shi ne ya ware kaɗan daga ciki ya auna tsawonsu da nauyinsu a tsanake, sa'an nan ya auna nauyin sauran gaba ɗaya ya lissafa. Aikin waya ma ya fi sauƙi, domin saiwa tana da mai kauri da siririya, ita kuwa waya kaurinta bai ɗaya ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka wata makarantar sakandare a yankin Rogo tana da ragowar waya mai jijiya uku, kowace jijiya mai kaurin murabba'in milimita 4. Za a sa sabon inji a zurfin mita 68. Daga bakin rijiya zuwa akwatin wuta akwai mita 14, ana kuma son rarar mita 3 saboda lanƙwasa da ɗaure-ɗaure. Jimillar abin da ake buƙata ke nan mita 85, kuma ana so ta zama a miƙe ba tare da haɗi a tsakiya ba. Dalili shi ne, duk haɗin da ya zauna cikin ruwa wuri ne da ruwa zai iya kutsawa. Wanda ake yi a bakin injin dole ne, kuma da kayan liƙi na musamman ake yin sa. Ƙara wani a kansa neman fitina ne.

Matakin farko shi ne a yanki samfuri. A miƙe bakin wayar sosai, a auna mita 2 daidai da tef, a yanke. Ba asara aka yi ba, domin guntun zai yi amfani wajen haɗa kaya a akwatin wuta. A ɗora shi a ƙaramin sikeli irin na ɗakin gwaje-gwaje ko na masu yin kek. A ce ya nuna giram 460. Idan aka raba biyu, mita ɗaya ta kama giram 230.

Mataki na biyu shi ne a auna kwarkwaron da wayar a jikinsa, bayan an yanke samfurin. Sikelin rataye irin na masu sayen hatsi zai wadatar. A ce ya nuna kilo 27.5.

Mataki na uku shi ne a san nauyin kwarkwaron shi kaɗai. Wasu masana'antu sukan rubuta shi a gefe. Idan babu rubutu, sai a nemi wani kwarkwaro irinsa sak wanda ya ƙare, a auna shi a wannan sikelin. A ce an sami kilo 6.

Yanzu sai lissafi. Idan aka ɗebe 6 daga 27.5, saura kilo 21.5, wato giram 21,500. A raba 21,500 da 230, za a sami mita 93 da rabi. Ana neman mita 85, ga shi an sami 93 da rabi. Kafin a yi murna, akwai sauran tambaya guda: wannan amsa, har ina za a amince da ita?

Iyakar abin da sikeli ya sani

Babu ma'aunin da ba shi da iyaka. Sikelin hatsi da yawa zanensu yana tafiya ne rabin kilo rabin kilo. Mai karantawa zai iya kaucewa da kamar rubu'in kilo a kowane awo, kuma sau biyu muka yi awo, da waya da kuma babu waya. Idan kuskuren biyu suka haɗu a gefe guda, an sami rabin kilo ke nan. Rabin kilo a cikin kilo 21.5 ya ɗan haura kashi 2 cikin ɗari.

Samfurin ma yana da nasa. Idan ƙaramin sikelin yana tsallake giram biyar-biyar, to giram 5 a cikin 460 kusan kashi 1 ne cikin ɗari. Idan kuma wajen yanka an zarce ko an gaza da santimita ɗaya, wannan rabin kashi ne cikin ɗari. In an tara su duka ana maganar kusan kashi 4 cikin ɗari, wanda a waya mai wannan tsawo ya kama kamar mita uku da rabi. Amsar gaskiya ita ce wayar tana tsakanin mita 90 da mita 97. Tun da mafi ƙarancin, wato 90, ya fi 85 ɗin da ake nema, to za a iya fara aiki da kwanciyar hankali. Da a ce mita 92 ake nema, sikelin bai yanke hukunci ba, sai an warware an auna da tef. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce a gwada buƙata da mafi ƙarancin amsa, kada a gwada ta da ta tsakiya.

Daga nan za a ga dalilin da ya sa aka yanki mita 2 maimakon ɗan guntu. Da santimita 10 kawai aka yanka, nauyinsa na gaskiya giram 23 ne. Sikeli mai tsallake biyar-biyar zai nuna 20 ko 25. Idan ya nuna 20, za a ɗauka mita ɗaya giram 200 ce, lissafi ya ba da mita 107 da rabi. Idan ya nuna 25, lissafi ya ba da mita 86. Waya ɗaya, amsoshi biyu, tazararsu ta wuce mita 20. Duk ɗan kuskuren da aka yi a samfuri yakan ninku sau adadin mitocin da ke jikin kwarkwaro. Rowar samfuri ita ce ta fi kowace rowa tsada a wannan aiki.

Kwarkwaro ba dutse ba ne

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne a manta da nauyin kwarkwaron gaba ɗaya. A misalinmu, wanda ya raba 27,500 da 230 kai tsaye zai sami kusan mita 120, ya ƙara wa kansa mita 26 da babu su.

Ko an tuna da shi ma, nauyin katako ba ya tsayawa wuri guda. Itace an gina shi ne da ƙwayoyin halitta waɗanda bangonsu ke tsotsar danshin iska ko da bayan an sare shi an busar. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, katako yakan sha danshi ya yi nauyi, shi ya sa ƙofofin katako ke kumbura su ƙi rufuwa. Da hunturu kuwa iska takan zuƙe wannan danshi. Bambancin da ke tsakanin yanayin biyu zai iya kai wa kashi ɗaya cikin goma na nauyin katakon. A kwarkwaro mai kilo 6 wannan giram 600 ne, daidai da fiye da mita biyu da rabi na wayarmu. Saboda haka lambar da aka rubuta a masana'anta, ko wadda aka auna wata shida da suka wuce, ba lalle ta yi daidai da ta yau ba. Abin da ya fi shi ne a auna wofin kwarkwaron a rana ɗaya da mai wayar, kuma ya kasance a ɗaki guda aka ajiye su.

Akwai kuma abubuwan da ke faruwa a sito. Gara takan cinye cikin katako ta bar shi fanko, ko ta cika shi da ƙasa. Zanzaro yakan yi gininsa na laka a lungun kwarkwaro. Ruwan sama yakan kwanta tsakanin naɗin waya idan an bar ta a waje. A share, a kakkaɓe, a bari ya bushe kafin a ɗora a sikeli.

Wani abin lura shi ne, dabarar tana raguwar ƙarfi yayin da waya ke ƙarewa. Idan wayar da ta rage kilo 2 ce kawai, kuskuren rabin kilo ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na amsar. A nan babu amfanin sikeli. Waya ce da ba ta kai mita goma ba, a warware ta a auna.

Shaida ta biyu

Mai binciken kimiyya ba ya son dogara da awo ɗaya idan akwai wata hanya ta daban da zai gwada shi da ita. Ga kwarkwaron da aka naɗa a tsare, ana iya ƙirga zagaye. A ƙirga zagaye nawa ne a sahun da ke sama, daga wannan gefe zuwa wancan. A ce 19 ne. A auna faɗin gangar da ke tsakiyar kwarkwaron, a ce santimita 25, da faɗin naɗin duka daga waje zuwa waje, a ce santimita 37. Bambancin 12 ne, wato tudun waya a kowane ɓangare santimita 6 ne. Idan kaurin wayar santimita 1.2 ne, sahu biyar ke nan. Sahu 5 sau 19 ya ba da zagaye 95.

Zagayen ciki gajeru ne, na waje dogaye, don haka sai a ɗauki matsakaici. Tsakanin 25 da 37 shi ne 31. A ninka 31 da 3.14 don samun kewayen da'ira, ya ba da santimita 97 da 'yan kai. Zagaye 95 sau wannan ya kama mita 92 da rabi. Sikeli ya ce 93 da rabi, ƙirga ta ce 92 da rabi, shaidu biyu sun yi daidai. Idan suka saɓa da yawa, akwai abin dubawa: ko naɗin ya hargitse ya bar ramuka, ko nauyin kwarkwaron ba daidai ba ne, ko kuma a can ƙasan naɗin an haɗa wata waya mai kauri daban.

Me ya sa ba za a duba jadawali kawai ba?

Mai karatu zai iya cewa, ai masana'antu suna buga jadawalin nauyin kowace waya, me ya kawo yankan samfuri? Amsar tana cikin abin da aka yi wayar da shi.

Akwai wani sauƙi a lissafin ƙarfen waya. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1 da tsawon mita 1, idan aka narkar da ita, za ta cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowace fuska. Jan ƙarfen da ya cika wannan akwati nauyinsa giram 8.9 ne, alminiyam kuwa giram 2.7. Saboda haka idan aka ninka kaurin waya da 8.9 an sami nauyin jan ƙarfen da ke cikin kowace mita. Wayarmu mai jijiya uku, kowace mai kauri 4, tana da jan ƙarfe 3 sau 4 sau 8.9, kimanin giram 107. Amma samfurin ya nuna giram 230. Fiye da rabin nauyin roba ce. Ita kuwa roba, kowace masana'anta da kaurin da take sa wa da irin haɗinta. Jadawalin wannan kamfani ba zai yi wa wayar wancan daidai ba.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ta sha kama wayoyin lantarki marasa inganci a kasuwannin ƙasar nan. Algus a waya yakan zo ta hanya uku: a rage tsawo, ko a rage kaurin ƙarfe, ko a sa alminiyam a shafe shi da jan ƙarfe a sama.

Mu ɗauki naɗin wayar gida mai jijiya ɗaya, mai kaurin 2.5, wadda aka rubuta mita 100 a jikinta. Mai kyau takan yi kamar giram 31 a kowace mita tare da robarta, wato naɗin duka ya kusa kilo 3.1. A ce an ɗora wani naɗi a sikeli ya nuna kilo 2.6. Wanda ya dogara da jadawali zai raba 2,600 da 31 ya ce mita 84 ce, an rage tsawo. Mai yiwuwa haka ne. Amma mai yiwuwa kuma mita 100 ce cif, sai dai kowace mita giram 26 ce saboda an sirantar da ƙarfen. Nauyin naɗin shi kaɗai ba zai bambance waɗannan biyu ba, kuma na biyun ya fi haɗari. Gajeriyar waya aljihu take cuta. Siririyar waya kuwa zafi take yi idan an ɗora mata kaya, har ta narkar da roba ta jawo gobara.

Samfuri ne ke raba gardama. A yanki mita ɗaya, a feɗe robar, a auna ƙarfen tsirara. Idan jan ƙarfe ne mai kaurin 2.5, ya kamata a sami giram 21 zuwa 22. Idan an sami 17, an rage kauri. Idan an sami ƙasa da 10, to alminiyam ne aka yi wa riga, kuma in an kankare shi da wuƙa za a ga fari a ciki. Alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 ne cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka a yanayi guda, don haka ba zai yi aikin da aka saye shi dominsa ba.

A kuma duba rubutun da ke jikin naɗi da kyau. Wani naɗin yadi 100 ne, kuma yadi bai kai mita ba. Yadi 100 mita 91.44 ne. Wanda ya lissafa mita 91 a irin wannan naɗi ba a cuce shi ba, ma'aunin ne daban.

Kammalawa

Malaman kimiyya da na lissafi za su iya gwada duk wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A samo ragowar waya ko igiyar roba a naɗa a gwangwani. A raba ɗalibai rukuni uku: na farko su yi amfani da samfurin santimita 10, na biyu mita 1, na uku mita 2. Kowane rukuni ya rubuta amsarsa, da mafi ƙaranci da mafi yawan abin da yake zato, kafin a warware a auna da tef a filin makaranta. Ɗalibai za su gani da idonsu wane rukuni ne ya fi kusa, da kuma dalili.

Ga mai kula da sito kuwa, ranar da sabon kwarkwaro ya zo ita ce ranar da ta fi dacewa da awo. Tun da an san tsawon wayar a ranar, idan aka auna nauyin duka, aka ɗebe tsawon sau nauyin mita ɗaya, abin da ya rage shi ne nauyin kwarkwaron. A rubuta lambobin biyu da fenti a gefensa, tare da watan da aka yi awon. Duk wanda ya zo daga baya, abin da zai yi kawai shi ne ya rataya kwarkwaron a sikeli, ya ɗebe, ya raba, ya kuma bar rarar kashi huɗu ko biyar cikin ɗari kafin ya ce wa masu aiki su fara zura inji.